Kaya Daga Kano Zuwa Ƙasar Waje: Yadda Ake Bayyana Kwanaki, Kuɗin Dako da Na Kwastam a Cikin Talla

Tallar kayan da aka yi domin mai saye na wata ƙasa ta bambanta da wadda ake yi wa na cikin gari. Idan mai saye yana Kano kuma kayan suna Kantin Kwari, farashin da aka rubuta shi ne farashi, sai ɗan abin da za a ba mai babur ya kai kafin la'asar. Amma da zarar kayan za su tsallaka iyaka, kuɗin da ke ƙarƙashin hoto ya zama wani yanki kawai na abin da mai saye zai kashe. Akwai kuɗin dako, akwai harajin da ƙasarsa za ta karɓa, akwai kuma kwanakin da zai yi yana jira. Yawancin rigimar da ake yi tsakanin masu sayarwa a WhatsApp ko Instagram da abokan cinikinsu na waje ba a kan ingancin kaya take tashi ba. Tana tashi ne daga abin da talla ta yi shiru a kansa, har mai saye ya ji shi daga bakin wani, a ƙofar gidansa, bayan ya riga ya biya.

Misalin da zai fito da lamarin fili shi ne na wani tela a Kano da ke tallar babbar riga mai aiki, da 'yar ciki da wando da hula, a kan kuɗin da ya kai fam 180 na Ingila, sai wani mazaunin Landan ya gani yana so ya saka a bikin ƙaninsa. Kuɗin kayan da na dako a wannan misali an ɗauke su ne don lissafi ya fito sarai, amma dokokin da za a auna su da su na gaske ne.

Maganar kwanaki ce ake fara tambaya, kuma ita aka fi amsawa da sakaci. Mai sayarwa yakan rubuta "ana kaiwa cikin kwana biyar" domin haka kamfanin dako ya gaya masa. Kamfanin bai yi ƙarya ba, sai dai shi yana fara ƙirga ne daga ranar da kwali ya shiga hannunsa, mai saye kuwa ya fara ƙirga tun daga lokacin da kuɗi ya bar asusunsa. Tsakanin waɗannan ranaku biyu akwai yanka, akwai ɗinki, akwai mai aikin wuya wanda shi ma yana da layinsa, akwai bugu ko guga. Saboda haka tallar kirki takan raba lokacin gida uku: kwanakin shirya kaya, kwanakin tafiya, da kwanakin da kaya za su iya yi a hannun kwastam. Na farko yana hannun mai sayarwa, na biyu yana hannun kamfanin dako, na uku kuwa babu wanda yake da iko da shi a cikinsu, don haka ba a yin alkawari a kansa, faɗar abin da aka saba gani kawai ake yi.

Sai kuma kalmar nan "kwanakin aiki", wadda ta yaudari mutane da yawa. Kamfanonin dako ba sa ƙirga Asabar da Lahadi da ranakun hutu. A ce mutumin Landan ya biya ranar Alhamis, ɗinki ya ci kwana 10, an gama ranar Lahadi. Ofishin dako a rufe yake, sai Litinin za a miƙa. Idan kamfani ya ce kwanakin aiki huɗu zuwa bakwai, na bakwai ɗin zai faɗo ne ranar Laraba ta makon gaba. Daga Alhamis ɗin da aka biya zuwa wannan Larabar kwana 20 ne cif, alhali ba a ma sa jinkirin kwastam a ciki ba. Telan da ya rubuta "kwana bakwai" ya yi alkawarin da ba zai iya cikawa ba, ko da komai ya tafi daidai. Abin da ya dace ya rubuta shi ne mako uku zuwa huɗu daga ranar biya, ya kuma ƙara cewa duk mai son kaya domin wata rana ta musamman ya faɗi ranar kafin ya turo kuɗi.

Hanyar da za a aika ita ma tana sauya lissafi, kuma ya kamata talla ta ambaci sunanta. Manyan kamfanonin gaggawa irin su DHL suna ɗaukar kwali ɗaya su tafi da shi, suna da tsada amma kwanakinsu sun fi tsayawa. Gidan waya ya fi araha, sai dai ana iya yin makonni. Akwai kuma masu kago, waɗanda ke tara kayan mutane da yawa su aika gaba ɗaya. Su farashinsu na kowane kilo da sauƙi, amma kaya ba sa tashi sai ranar da suka tsayar, ko sai lodi ya cika, kuma sau da yawa mai saye ne zai je ya karɓa a wani shago ko rumbun ajiya, ba gida za a kai masa ba. Wanda ya kai kaya washegarin ranar da kago ya tashi ya ƙara wa mai saye mako guda kafin a fara tafiya. A kan wannan akwai lokutan da kowa ya san ana samun tsaiko: goma ga watan azumi zuwa Sallah telan Kano ba ya ko barci, watan Disamba kamfanonin dako na Turai a cushe suke, hazon hunturu kuma yakan hana jirage sauka da tashi a filin jirgin Malam Aminu Kano. Layi ɗaya a talla ya ishi wannan.

Kuɗin dako yana da wata dabara da sabon ɗan kasuwa ba ya ganewa sai ta ci shi sau ɗaya. Jirgi ba nauyi kaɗai yake sayarwa ba, har da wuri. Don haka kamfanonin gaggawa suna awo biyu. Suna ɗora kwali a sikeli, sannan su auna tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa da santimita, su ninka ukun, su raba da 5,000. Abin da ya fito shi ne nauyin girman kwali, kuma duk wanda ya fi yawa tsakanin awon biyu shi ake biya. Kayan telan nan a sikeli kilo uku da rabi ne. Amma don kada hula ta lotse, ya nemo kwali mai santimita 40 da 30 da 25. Idan aka ninka za a samu 30,000, a raba da 5,000 a samu shida. Ke nan kuɗin kilo shida zai biya, kilo biyu da rabi daga ciki iska ce. Da ya ninke rigar da kyau, ya cusa wa hula takarda ya kwantar da ita a gefe, ya sami kwali mai tsayin santimita 12, da lissafin ya ba da 14,400, wato ƙasa da kilo uku, sai a koma ga nauyin sikeli. Wannan ne dalilin da ya sa ba a rubuta kuɗin dako a talla da ka. Ana naɗe kayan kamar yadda za su tafi, a auna, a tambayo farashi, sannan a rubuta.

Yadda ake rubuta shi ma da sauran magana. "Kuɗin dako ya danganta da inda kake" gaskiya ce, amma ba ta gaya wa kowa komai ba, kuma mai saye da dama ba zai tsaya tambaya ba, wucewa zai yi. Abin da ya fi shi ne a jera ƙasashe uku ko huɗu da aka fi samun ciniki, kowace da kuɗin kilo ɗaya da biyu da biyar, a sa ranar da aka karɓo farashin. Sa rana na da amfani domin kamfanonin dako suna ɗora ƙarin kuɗin mai da ke sauyawa akai-akai, ga kuma naira da ba ta zama wuri ɗaya. A faɗi ko kuɗin ya haɗa da inshora, a faɗi ko har ƙofar gida ne ko wurin karɓa. Masu rubuta "dako kyauta" kuwa sun riga sun narka kuɗin a cikin farashin kaya ne, kuma haɗarin kalmar shi ne mai saye yakan ɗauka har haraji an ɗauke masa.

Harajin kwastam shi ne inda zumunci ya fi lalacewa. Ƙa'idar ita ce ƙasar da kaya suka shiga ita ke sa haraji, kuma idan ba a yi wata yarjejeniya ba, wanda sunansa ke kan kwali a matsayin mai karɓa shi ke biya. A Birtaniya, kayan saye da kuɗinsu bai wuce fam 135 ba ba a karɓar harajin kwastam a kansu, amma akwai harajin VAT na kashi 20 cikin 100, wanda tun watan Janairun 2021 dokarsu ta ce mai sayarwa, ko babbar kasuwar intanet da aka yi cinikin a kanta, shi zai karɓa tun lokacin biya. Idan kuɗin ya haura fam 135, kamar na babbar rigar nan, to a bakin shiga ake lissafawa, kamfanin dako ya biya a madadin mai saye, sannan ya riƙe kwali har sai an mayar masa da kuɗinsa.

Lissafin yana da matakai, kuma kowanne yana hawa kan na bayansa. Ba a kan fam 180 ake farawa ba, ana haɗa kuɗin kaya da na dako. Idan dako fam 40 ne, an samu 220. Yawancin tufafi ɗinkakku harajin kwastam ɗinsu a Birtaniya kashi 12 cikin 100 ne, wato fam 26.40. Sai a tara 220 da 26.40, a samu 246.40, a kan wannan ne ake ɗora VAT, wanda zai kama fam 49.28. Jimillar haraji fam 75.68 ke nan, ban da ɗan kuɗin hidima da kamfanin dako ke ƙarawa saboda ya tsaya wa kayan a kwastam. Mutumin da ya ga fam 180 a talla zai tashi ya kashe kusan fam 300. Idan ya san haka tun farko, ƙila ya saya da daɗin rai, domin ko a haka ba zai sami irin wannan aikin a Landan ba. Idan kuwa saƙon waya ne ya zo masa ana neman fam 76 da ɗoriya kwana biyu kafin biki, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne an yi masa damfara.

Akwai rangwame da Birtaniya ke yi wa kayan ƙasashe masu tasowa a ƙarƙashin wani tsari da ta fara a 2023, kuma Najeriya na ciki. Sai dai rangwamen na kayan da asalinsu na ƙasar ne, kuma a kwastam asali ba yana nufin inda aka aiko kaya daga ba. Shaddar Gezna a Austriya ake saƙa ta, wasu shaddojin daga Sin suke, kuma ɗinka su a Kano kaɗai ba lallai ya mayar da su kayan Najeriya a idon doka ba. Mai sayarwa da bai tabbatar ba gara ya yi lissafi da cikakken haraji. Ko an ɗauke harajin kwastam ma, VAT na nan, fam 44 a wannan misali.

'Yan kasuwar duniya suna da gajerun kalmomi na wannan magana, waɗanda Majalisar 'Yan Kasuwa ta Duniya da ke Faris ta fara tsarawa a 1936, sabon bugunsu kuma na 2020 ne. Biyu ne suka shafi ƙaramin mai sayarwa, kuma zai gan su a takardar kamfanin dako. DAP na nufin mai sayarwa zai kai kaya har wurin da aka ambata, haraji kuma na mai saye ne. DDP na nufin mai sayarwa ya ɗauki har da haraji, mai saye hannu kawai zai sa ya karɓa. Na biyun ya fi wa mai saye daɗi, amma sai wanda ya iya lissafin ya kamata ya shige shi, don kamfanin dako zai dawo wa mai aikawa da takardar kuɗi daga baya, kuma kuskuren kashi 12 ya isa ya cinye ribar riga. Ko wanne aka zaɓa, haruffan uku ba su isa a talla ba, domin mai sayen riga ba dillalin kwastam ba ne. A rubuta masa a sarari cewa farashi bai haɗa da harajin ƙasarsa ba, shi zai biya kafin a ba shi kaya, kuma ga kimanin abin da zai kama.

Dokokin nan suna sauyawa, kuma tsohuwar talla tana iya zama tarko. Tarayyar Turai ta soke sassaucin VAT da take yi wa kayan da ba su kai yuro 22 ba daga 1 ga Yulin 2021. Amurka ta daɗe ba ta karɓar haraji a kan kayan da ba su wuce dala 800 ba, har masu aika mata kaya suka saba ba sa ko ambatar kwastam, sai ta dakatar da wannan sassauci ga dukkan ƙasashe daga 29 ga Agustan 2025. Duk tallar da har yanzu take cewa "Amurka ba haraji" tsohon labari take bayarwa.

Daga jin yawan kuɗin, abin da mai saye yakan ce shi ne: "Don Allah ka rubuta kyauta ce, ka sa fam 30." A kan kwalin gidan waya akwai 'yar takardar CN22, ko CN23 idan kayan sun fi nauyi ko tsada, kamfanonin gaggawa kuma suna neman takardar ciniki. A cikinsu ake rubuta mene ne kayan, nawa ne, nawa suka ci, wace ƙasa ce asalinsu. A Birtaniya sassaucin kyauta na abin da mutum ya aika wa mutum ne, ba ciniki ba, kuma iyakarsa fam 39. Jami'in da ya buɗe kwali ya ga riga mai aikin hannu an ce fam 30 yana da ikon neman shaidar biya, ya sake yi mata kuɗi, ya riƙe ta, ko ya ci tara. Sannan idan kwalin ya ɓata, inshora abin da aka rubuta za ta biya, fam 30 ɗin. Jimla ɗaya a talla, cewa ainihin kuɗin kaya ake rubutawa a takardar kwastam, tana rufe wannan roƙo tun kafin a yi shi. Bayanin kayan ma a yi shi dalla-dalla: "rigar maza ta auduga, guda ɗaya" ya fi "kaya" ko "tufafi", domin da shi ake zaɓar lambar HS, wato lambar da kwastam na duniya ke rarraba kaya da ita, kuma bayani mai duhu na cikin abubuwan da suka fi sa kwali ya kwana a hannunsu. Ana gane hakan idan lambar bibiyar kaya ta nuna sun sauka ƙasar amma kwana biyu ko uku ba su motsa ba. Galibi takarda ake jira ko kuɗi, kuma mai karɓa ake nema, shi ya sa lambar wayarsa da imel ɗinsa suke da muhimmanci kamar adireshi.

Wasu kayan kuma ba batun haraji ba ne, ba sa shiga ne ɗungurungum. Kilishi da dambun nama ba a yarda a aika wa mutum su zuwa Birtaniya ko Tarayyar Turai ba, ƙwacewa ake yi a lalata. Turaren fesawa mai sinadarin da ke kamawa da wuta yana cikin kayan haɗari a dokar jiragen sama, yawancin masu dako ba sa karɓarsa a matsayin kwali na yau da kullum. Mai sayar da irin waɗannan ya rubuta ƙasashen da yake iya kaiwa, kada ya karɓi kuɗi sannan ya fara neman hanya.

Ciniki da maƙwabta yana da nasa salon. Mai saye a Maraɗi ko Damagaram ko Yamai yawanci ta tasha ake aika masa, a ba direba ko kamfanin mota, kaya su bi ta Jibiya ko Kwangwalam ko Illela. A nan babu lambar bibiya sai lambar wayar direba, kuma ba a kai kaya gida, mai saye ne ke zuwa tasha. Abin da talla za ta fayyace shi ne ko kuɗin motar da aka faɗa ya haɗa da na 'yan duwan, kamar yadda ake kiran kwastam a Nijar, ko kuwa direba zai kira daga iyaka ya ce a ƙaro. A kuma rubuta kuɗi da lambobi, a faɗi naira ce ko sefa, don jaka a bakin mutumin Nijar sefa 1,000 ce, a tsohon lissafin Kano kuwa naira 200 ce. Kwanaki a wannan hanya sun rataya ne a kan halin da iyaka take ciki. An rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, an sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar ECOWAS a Janairun 2025. Wanda ke da abokan ciniki a can ya tambayi masu hanya a makon da zai aika, kada ya dogara da abin da ya sani bara.

Abu na ƙarshe da talla ke buƙata shi ne abin da zai faru idan mai saye ya ƙi biyan haraji. Kamfanin dako zai ajiye kwali na ɗan lokaci, sannan ya tambayi mai aikawa ko a dawo da shi ko a yi watsi da shi, kuma kuɗin dawowa, wanda zai iya kai na tafiya ko ya fi, mai aikawa ake bi. Idan ba a rubuta komai a kai ba, mai saye zai nemi a mayar masa da kuɗinsa duka, tela kuma ya yi asarar dako biyu da rigar da aka ɗinka da awon wani. Idan aka haɗa komai, abin da telan zai sa a ƙarƙashin hoton rigarsa bai wuce haka ba:

"Farashi fam 180. Ɗinki kwana 10 daga ranar biya. Aikawa Birtaniya ta kamfanin gaggawa har ƙofar gida, fam 40 da inshora, kwanakin aiki huɗu zuwa bakwai, kwastam na iya ƙara kwana biyu ko uku. Gaba ɗaya a sa ran mako uku zuwa huɗu, lokacin Sallah da Disamba a ƙara mako guda. Farashi bai haɗa da harajin Birtaniya ba, mai saye zai biya kamfanin dako kimanin fam 76 da kuɗin hidimarsu kafin a ba shi kaya. Ainihin kuɗin kaya muke rubutawa a takardar kwastam. Idan kaya suka dawo saboda ba a biya haraji ba, za a cire kuɗin dako na zuwa da na dawowa daga abin da za a mayar. Mai biki ya faɗi ranar bikinsa kafin ya biya."